Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar Kintace

A makon jiya na tsaya a inda aka ba ni aji biyar in koyar da lissafi. Abin da ya fi damuna da yaran shi ne duk amsar da ta fito sai su amince da ita. Na ba su 48 sau 31, kusan rabin ajin suka kawo 192. Sun ninka 48 da 1 sun sami 48, sun ninka da 3 sun sami 144, suka tara, sun manta cewa 3 ɗin nan talatin ce. Babu wanda ya ji wani abu a ransa, alhali 48 sau goma kaɗai ya kai 480.

Shi ya sa na zauna na tsara musu takardar aiki mai gida uku. A gidan farko yaro zai mayar da kowace lamba zuwa goma mafi kusa: 48 ta zama 50, 31 ta zama 30, ya ninka da ka ya rubuta 1500. A na biyu ya yi cikakken lissafi. A na uku ya amsa tambaya ɗaya: amsar nan ta yi kusa da kintacenka? Mai 192 da kansa yake ganin tazarar, ya koma ya nemo 1488.

Ba a jima ba wasu suka gano dabara. Sai su fara yin lissafin, sannan su gyara amsar su cike gidan farko. Gane su ba wuya: wanda ya rubuta 1490 a matsayin kintace daga 1488 ya samo ta, don 50 sau 30 ba ya ba da haka. Daga nan na riƙa naɗe takardar, ba mai buɗe gida na biyu sai na zaga na ga na farko.

Wata yarinya ce ta sa na ƙara wa takardar layi. Ta yi 46 sau 25, kintacenta 1500, amsarta 1150, ta ɗaga hannu: "Malam, nawa bai yi kusa ba." Amsarta daidai ce. Lambobin biyu duka sama aka ja su, 46 zuwa 50, 25 zuwa 30, dole kintace ya zarce. Sai na sa su riƙa yin kibiya a kan kowace lamba, sama ko ƙasa. In duka sama ne, amsa za ta gaza kintace. In duka ƙasa ne, za ta haura shi.

Akwai inda takardar ba ta kaiwa, kuma na faɗa musu ƙarara. Wanda ya sami 1478 maimakon 1488, kintace ba zai kama shi ba, sai an sake bin aikin layi-layi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka kwashe da ɗigon desimal.