Lissafin da nake yi kafin a sa hannu a takardar rance

Ina riƙe wa wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi littafin lissafi, kuma duk wanda zai ci bashi a cikinsu sai ya kawo mini takardar mun duba tare. Abin da ke rubuce a takardar, misali kashi 30 cikin ɗari a shekara, shi ne ruwan da ke kan takarda. Nauyin da mutum zai ɗauka a zahiri wani abu ne daban, domin nairar da zai biya baɗi ba za ta sayi abin da nairar da ya karɓa bana take saya ba. Ruwa na haƙiƙa shi ne abin da ya rage bayan an cire hauhawar farashi. Masanin tattalin arziki Irving Fisher ne aka fi danganta wannan lissafi da shi, kuma ga yadda nake rubuta shi:

```
ruwa na haƙiƙa = (1 + ruwan takarda) / (1 + hauhawar farashi) - 1
```

Ga rancen da muka yi wa lissafi. Naira miliyan ɗaya, shekara guda, ruwa kashi 30, za a biya a dunƙule ranar da wa'adi ya cika, wato naira 1,300,000. Mun yi zaton farashi zai hau da kashi 25 a cikin shekarar. Na raba 1.30 da 1.25, ya ba ni 1.04, ma'ana ruwa na haƙiƙa kashi 4 ne kawai. Da yawa sukan cire 25 daga 30 su ce 5. Idan alƙaluman ƙanana ne, kamar 6 da 2, wannan gajeriyar hanya ta wadatar, amma a irin namu da suka haura ashirin tana fara kaucewa, shi ya sa nake rabawa.

'Yan kasuwa sun fi gane abin idan na mayar da shi buhuna. Mu ɗauka buhun masara naira 50,000 ne ranar karɓar kuɗin, miliyan ɗaya ta zama buhu 20. Idan farashi ya hau da kashi 25, buhu ya koma 62,500, kuma 1,300,000 ta zama buhu 20 da kashi takwas cikin goma na buhu. Ka ari buhu 20, ka mayar da su da ƙarin abin da bai kai buhu guda ba. Wannan ɗan ƙarin shi ne ainihin tsadar bashin.

Sai dai kashi 25 ɗin nan zato ne. Ranar sa hannu ruwan takarda ya riga ya tabbata, hauhawar farashi kuwa sai shekara ta ƙare ake saninta. Mai ba da rance ma da nasa zaton, kuma ya riga ya cusa shi a cikin kashi 30 ɗin da ya nema. Saboda haka ba na tsayawa kan lissafi ɗaya. Idan farashi ya hau da kashi 34, buhu ya kai 67,000, bashin ya zama buhu 19.4, ruwa na haƙiƙa ya faɗi ƙasa da sifiri da kusan kashi 3, mai cin bashi ne ya ci riba. An ga irin wannan a Najeriya: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, alhali ma'aunin ruwa na Babban Banki yana kashi 27.5. Idan kuwa farashi ya hau da kashi 15 kacal, buhu yana 57,500, za a sayar da buhu 22.6 kafin a biya, ruwa na haƙiƙa ya zama kashi 13. Takarda ɗaya ce, sa hannu ɗaya, amma nauyin ya ninka na zatonmu na farko fiye da sau uku don kawai hauhawar ta lafa.

Inda na fi daɗewa da mai neman rance shi ne tambayar wane farashi muke magana a kai. Adadin da hukuma ke fitarwa matsakaici ne na kayayyaki masu yawa, da abinci da haya da sufuri da tufafi. Ɗan kasuwa ba da wannan matsakaici zai biya bashi ba, da kuɗin masararsa zai biya. A 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwannin Arewa, a lokacin da alƙaluman hukuma ke nuna farashi gabaɗaya yana ci gaba da hawa. A lissafinmu, idan buhu ya sauka da kashi 10 zuwa 45,000, sai an sayar da kusan buhu 29 kafin a haɗa 1,300,000. Wanda ya ari 20 zai nemo ƙarin tara daga jarinsa, ruwa na haƙiƙa a wurinsa ya haura kashi 44. Haka abin yake ga ma'aikaci. Idan albashinsa bai motsa ba, hauhawar farashi ba ta rage masa komai daga bashin, illa ma ta cinye abin da zai biya da shi. A wurinsa kashi 30 tana nan kashi 30. Maganar cewa hauhawar farashi tana taimakon mai cin bashi gaskiya ce kawai ga wanda abin da yake samu ke hawa tare da ita.

Kafin ma a kai ga cire hauhawar farashi, dole a tabbatar ruwan takardar shi ne ruwan da ake biya. An taɓa kawo mana tayi na biyu, daga wani mai ba da rance dabam, kashi 2.5 a wata, biya wata-wata. Sau 12 ya ba da 30, kai ka ce daidai yake da na farko. Da na karanta sai na ga kowane wata ana lissafa ruwan ne a kan miliyan ɗaya cur, ko da an biya rabin uwar kuɗin. Biyan wata naira 108,333 ne, jimlar ruwa 300,000. Amma tunda ana mayar da uwar kuɗi tun daga watan farko, abin da ke hannun mai cin bashi a tsawon shekarar, idan an daidaita, bai wuce kimanin 540,000 ba. Biyan 300,000 a kan 540,000 kusan kashi 55 ne. A raba 1.55 da 1.25, ruwa na haƙiƙa ya tashi kashi 24, ninki shida na tayin farko. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a nemi jadawalin biya. Idan kason ruwa bai raguwa daga wata zuwa wata, to a kan cikakken kuɗin ake lissafa shi.

Kuɗin da ake cirewa tun farko ma yana shiga. Idan aka zare kashi 2 da sunan kuɗin hidima, 980,000 ce ta shigo hannu, amma 1,300,000 za a biya. Ruwan ya zama kusan kashi 32.7, na haƙiƙa kuma ya tashi daga 4 zuwa kusan 6.

Wasu daga cikin 'yan ƙungiyar ba sa kusantar rance mai ruwa saboda haramcin riba, sai cinikin murabaha a bankin Musulunci, inda banki ke sayen kaya ya sayar musu da ribar da aka amince da ita. Hukuncin daban ne, amma lissafin nauyi iri ɗaya nake yi musu, tunda farashin da za su biya an yanke shi yau kuma da nairar gobe za su biya.

Ƙa'idar da nake bi yanzu ita ce a gwada rancen da mummunan zato, wato farashin kayan mutum bai hau ba ko ya ɗan sauka. A misalinmu, idan buhu ya tsaya a 50,000, ana bukatar buhu 26. Idan ɗan kasuwa zai iya fitar da ƙarin buhu shida daga ribar juya kuɗin a cikin shekara ba tare da ya taɓa jarinsa ba, ina ce masa ya karɓa. Idan sai farashi ya hau kafin ya iya biya, ina ba shi shawarar ya rage adadin kuɗin ko ya gajarta wa'adin zuwa lokacin da ya saba sayar da kayansa.