Naira ɗari biyar a kan buhun sukari

A garinmu mutum biyu ne ke sayar da sukari buhu-buhu. Akwai Alhaji, wanda shagonsa ke bakin tasha, sai kuma tsohon yaron shagonsa da ya yaye, ya buɗe nasa a layin 'yan hatsi. Ni fulawa da yis da mai nake sayar wa masu gidajen burodi, don haka kusan masu ciniki ɗaya gare mu, kuma dukkanmu daga kasuwar Singa ta Kano muke saro kaya. Abin da ya faru tsakaninsu a gabana aka yi shi.

Sukari ba kamar atamfa ba ne, da za ka ce tawa ta fi taka kyau. Buhu mai kilo 50 ne, na kamfani ɗaya, ɗinki ɗaya. Mai shayi ba ruwansa da fuskar mai shago, inda ya fi sauƙi nan zai tura mai kura. Farashi kuwa kullum motsi yake, shi ya sa zan ajiye shi gefe in yi magana a kan riba kawai, da lissafi mai sauƙin riƙewa. A ce bayan an cire kuɗin saye da na mota da na 'yan dako, kowane buhu yana barin naira 2,000. Garin yana shan buhu 200 a mako, kowa na sayar da 100, kowa na tashi da 200,000.

To a ce ɗaya ya rage 500. Ribarsa ta koma 1,500 a buhu, amma mutane sun kwararo wurinsa, ya sayar da 160, ya tashi da 240,000. Ɗayan ya rage da buhu 40, na waɗanda yake ba bashi ba su da halin guduwa, ya tashi da 80,000. In kuwa duka biyun suka rage, ciniki ya sake rabuwa biyu, kowa ya samu 150,000, domin mai shayi ba zai ƙara cokali a kofi don buhu ya sauka da ɗari biyar ba.

A nan gizo ke saƙa. Zauna a kujerar kowannensu ka yi lissafin mako ɗaya. In maƙwabcina bai rage ba, ragewa ta fi mini, 240,000 ta fi 200,000. In ya rage, nan ma ragewa ta fi mini, 150,000 ta fi 80,000. Ta ko'ina ka duba, lissafi cewa yake ka rage. Shi ma can haka nasa lissafin ke gaya masa. Sai su haɗu a 150,000, alhali da kowa ya tsaya inda yake da 200,000 ce a aljihu. Wani Bafaranshe masanin lissafi, Joseph Bertrand, tun 1883 ya nuna cewa masu sayar da kaya iri ɗaya, ko su biyu ne kacal, suna iya yi wa juna ragi har farashi ya sauko daidai kuɗin saye.

Me ya hana hakan faruwa tun farko? Mutane suna cewa kunya ce, yaro ba zai karya wa ubangidansa farashi ba. Akwai wannan. Amma a ganina jari ne ya fi riƙe shi. Kuɗin yaron ba su wuce na buhu 120 ba, kuma 120 a kan 1,500 naira 180,000 ce, ƙasa da abin da yake samu ba tare da ya tsokano kowa ba. Ragi ba ya amfanar wanda ba shi da kayan da zai tarbi jama'ar da ragin zai jawo. Alhaji kuwa yana da jarin, amma ya san kasuwa ba yau kaɗai take ci ba. Ƙarin 40,000 na mako guda ne, asarar 50,000 kuwa ta kowane mako ce daga ranar da aka rama.

Abin ya canja ana saura kwanaki a fara azumi. Wani dila a Singa ya ba yaron kaya masu yawa bashi, da sharaɗin ya biya cikin mako biyu. Ga kaya jibge, ga wa'adi a wuya, ga lokacin da kowane gida ke neman sukarin kunu da na rabo, har cinikin garin ya ninka uku. Da ciniki ya ninka uku, 40,000 ɗin nan ma ta zama 120,000. Ranar kasuwa da safe yaron ya gaya wa masu shayi biyu cewa ya sauke ɗari biyar, amma kada su faɗa.

Kafin azahar Alhaji ya sani. Ba wanda ya kai masa tsegumi. Masu kura ne da suka saba zama a ƙofarsa suka ɓace, ya leƙa ya gan su suna jere a layin 'yan hatsi. Sannan wani mai burodi da bai taɓa tayawa ba ya zo yana tambaya ko akwai sauƙi. Duk ɗan kasuwa ya san waɗannan alamu biyu. Washegari Alhaji ya sauke ɗari biyar shi ma. Yaron bai sake taɓa farashi ba, sai ya ce kuɗin kura a kansa, wanda ragi ne da ba a rubutawa. Alhaji ya amsa da ba da bashin mako guda ga duk wanda ya ɗauki buhu biyar. Zuwa goman tsakiya, in ka cire dako da bashin da bai dawo ba, da ƙyar buhu ke barin 1,000, a watan da ya kamata su haɗa ribar da za ta riƙe su har damina. Masu shayi dai sun ji daɗi, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan sallah suka haɗu a ƙofar masallaci, ina tsaye. Yaron ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba da kai nake ba. Bashi ne ya shaƙe ni."

"Na sani, ɗana. Ka biya mutumin?"

"Na biya, Alhaji."

"To madalla. Ka gaida mutanen gida."

Ba su yi maganar farashi ba, kuma hakan ne daidai. Zama a haɗa baki a yanka wa jama'a farashi ba ciniki ba ne, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ma ta hana shi a Najeriya, ban da cewa irin wannan alkawari ba ya kwana biyu, tunda lissafin da ya sa aka rage tun farko yana nan. Abin da Alhaji ya yi shi ne, kasuwar da ta biyo baya ya rubuta tsohon farashi da alli a jikin ƙofarsa, inda kowa zai gani, ya daina bashin. Ranar buhu talatin da wani abu ya sayar, ya zauna yana jan carbi. Ya sayi asarar ne da gangan don ya nuna ya sauka daga faɗan, kuma yaron ya san alli ba ya wuyar gogewa in shi bai bi ba. Mako na gaba yaron ya mayar da nasa farashin.

Kuɗin kura dai bai koma kan mai saye ba har yau, su biyun ke biya. Kuma labarin arahar azumi ya kai garin da ke gaba da mu, wani mai akori-kura ya fara zuwa da buhu hamsin duk ranar kasuwa, ya sayar a bakin tasha ƙasa da su da naira ɗari uku, ya juya kafin la'asar.