Kafin ka fassara littafin injin wanki daga hoto

Ƙannena masu karɓar aikin fassara, littafin bayanin na'ura da aka turo a hoto ya fi kowace takarda saurin yaudara, domin ido kan ga shafi ya cika alhali wani abu ya salwanta. Mu da muka daɗe a aikin, yawancin kura-kuranmu daga gaggawar fara rubutu suka fito. Bari mu ɗauki shafin girka injin wanki mai ƙofa a gaba.

Kada ka fassara ko kalma ɗaya sai ka duba hoton kansa. Ka lura da lambar kowane shafi, ka tabbata babu wanda aka tsallake. Sannan ka buɗe hoton sosai wajen tsakiyar littafin, inda takarda ke lanƙwashewa. Nan ne farko ko ƙarshen layi ke ɓuya, kuma idan kalmar hani ce ta shige lanƙwasar, "kada ka jona" ya koma "ka jona". Ƙyallin fitila ma yana shanye ɗigon da ke cikin lamba, sai 0.05 ta zama 005. Duk inda ka ga kana cike gurbi da zato, tsaya, ka nemi a sake ɗauka, a shimfiɗe shafin a danne shi.

Daga nan sai tsarin shafin. Irin wannan littafi galibi an raba shafinsa gida biyu, mataki na 1 zuwa 3 a hagu, na 4 zuwa 6 a dama. Wanda ya bi layi a kwance, ko ya bar manhajar ciro rubutu ta yi masa, zai samu 1, 4, 2, 5. Ka fara jera lambobin matakai kawai a takardarka, ka rubuta zanen da ke tare da kowanne, ka ƙirga su. In asali shida ne, naka ma shida. Kada ka haɗe biyu don sun yi gajarta.

Ga dalilin da wannan ya wuce batun kyan rubutu. Sabon injin yana zuwa da notuna a bayansa, galibi uku ko huɗu, waɗanda ke riƙe gangar wankin kada ta yi lilo a hanya. Littafin zai ce a kwance su da sifana, a toshe ramukan da murafen roba, a daidaita ƙafafu, a ɗaura tiyon ruwa, sannan a ƙarshe a jona wuta. Idan jona wuta ya hau sama a fassararka, mai injin zai kunna da notunan a ciki. Da ya kai wajen matse kaya sai injin ya kama jijjiga yana tafiya a ƙasa, abin da kan iya lalata gangar. Haka nan a cikin jimla guda: in asali ya ce kafin a buɗe matatar da ke tace ruwan injin a cire fulogi, ka juya ta yadda aikin farko zai zo farko, "Cire fulogi daga soket, sannan ka buɗe matatar." Mutum yana karantawa ne hannunsa na aiki.

Lambobin cikin zane kuma wani tarko ne. Lamba 3 da kibiya ke nunawa a jikin injin sunan sashe ce, ba mataki na 3 ba. Ka bar lamba ko harafin yadda yake, ka rubuta ma'anarsa a ƙarƙashi, kuma sashen da ka kira tiyon fitar da ruwa ya ci gaba da wannan suna har ƙarshe. Zanen da aka ja wa kuros yana nuna abin da ba a yi, to ka faɗa da kalmomi, don siririn kuros yakan dushe a hoto. Abin da aka rubuta a jikin maɓalli, kamar `Start/Pause`, ka bar shi haka ka bayyana aikinsa, tunda shi mutum zai gani a gabansa.

Gargaɗi yana da daraja hawa-hawa. `DANGER` na haɗarin da zai kashe ko ya yi mummunan rauni ne in ba a kauce ba, `WARNING` na wanda zai iya yin hakan, `CAUTION` kuwa na ƙaramin rauni. Ka ware wa kowanne kalmarsa, misali haɗari, gargaɗi, hattara, kada ka sauya. Ni a ganina babu laifin da ya kai kwashe gargaɗi duka a tara su a ƙarshen shafi don a ga tsari. Gargaɗin da ya ce ruwan cikin matatar na iya zama da zafi, wurinsa saman matakin buɗe matatar, da alamarsa mai kusurwa uku, kuma ya faɗi haɗarin, abin da zai jawo da yadda za a kauce masa.

In ka gama, ka ba wanda bai ga asalin ba ya karanta yana nuna kowane sashe a zanen. Inda ya tsaya yana tambaya, ka koma wa hoton wannan matakin.