Kalma Ɗaya, Dogon Bayani

A ajinmu na koyon Jamusanci an ce mu mayar da Feierabend zuwa Hausa. Feier biki ne, Abend maraice. Wani ya ce "bikin maraice", amma babu ganga babu taro a ciki. Bajamushe na nufin lokacin da ka tashi daga aiki, ragowar ranar ta zama taka. Mai aikin dare ma da ya tashi da asuba Feierabend ya yi. Shi ya sa na zaɓi "hutun tashi daga aiki".

Schadenfreude kuwa ba ta wahalar da ni ba: Schaden ɓarna, Freude murna, wato jin daɗin masifar da ta sami wani. Ba hassada ba ce, domin mai hassada alherinka ke ƙona masa rai. Mai Schadenfreude kuwa shi ne mai cewa "Allah ya ƙara" ranar da motarka ta mutu a hanya.