Ranar da taliya ta nuna -9

Wata uku da kawuna ya damƙa mini shagonsa na tireda a Samaru, na ajiye tsohon littafin nan da ya sha manja, na mayar da lissafin kaya cikin Excel a wayata. Kwana huɗu kacal lissafin ya kunyata ni. Da dare na duba layin taliya, sai ga -9, alhali ga ledojinta nan jibge a kan kanta ina kallonsu.

Laifina ne. Da safe muna da leda 14. Da hantsi mai keke ya kawo katan biyu daga kasuwar Sabon Gari, na rubuta 2. Mun sayar da leda 25. Na tara katan da leda a ma'auni ɗaya ke nan, ita kuwa na'ura ba ruwanta, abin da ka ba ta shi take lissafawa. Duk ranar da saura ya koma ƙasa da sifiri, ko dai an yi irin wannan haɗin, ko an manta ba a shigar da sari ba.

Sai na sake tsarin. Gurbin A sunan kaya, B abin da aka wayi gari da shi, C katan nawa ya shigo, D guda nawa ne a katan, E abin da aka sayar, F abin da ya fita ba da kuɗi ba. G kuma saura:

```
=B2+C2*D2-E2-F2
```

Katan ɗin taliyar leda 20 ne, biyu sun zama 40, saura ya tashi 29. Na ƙirga da hannu, na samu 26.

Ukun nan su suka sa na ƙara F, da farko babu shi. Na tambayi yaron shago, ya ce ai Hajiya ta aiko an karɓar mata biyu bayan azahar, ɗaya kuma ɓera ya huda, ya jefar. Babu wanda ya yi sata, amma da na yi shiru da zargi ya hau kan yaron. Da na faɗa wa Kawu cewa ko na gida sai an rubuta, ya ce, "Kai ɗan nan, kayan nawa?" Na ce, "Kawu, rubutawa kawai za a yi, ba biya ba." Bashi ma a F nake sa shi, sunan mai bashin kuma yana wani shafi daban.

Ba na ƙirga komai kullum, wa zai zauna ƙirga magi ɗaya-ɗaya? Taliya, madarar gwangwani da sabulu nake bi kowane dare, sauran sai ranar Juma'a. Adadin da na ƙirga da hannu shi nake sawa a B na gobe, domin in na ɗauko na G, giɓin jiya zai biyo ni har ƙarshen wata. Sukari ne har yanzu yake ba ni wuya: buhu ake sarowa, a sayar a mudu, kuma yadda nake cika mudu daban da yadda yaron yake cikawa.