Abin da na koya daga lambar QR da ke hannun ɗan aike

Na yi shekaru ina kula da 'yan aike masu babur a wani ƙaramin kamfanin kai kaya a Kano, kuma mafi yawan odar da muke kaiwa irin wadda ake biya ce idan kaya sun iso. Mai saye ba ya son ya biya kuɗin abin da bai gani ba, wannan kuwa hakkinsa ne. Wahalar tana fara bayyana ne a ƙofar gida, lokacin da ɗan aike ya miƙa kaya sai a tarar babu canji, ko kuma tsabar kuɗin da ke hannun mai saye ba ta kai ba. A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, kaya suka riƙa dawo mana da yamma alhali masu su suna da kuɗin a banki. A wannan lokacin ne muka rungumi lambar QR da gaske, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake karantawa da kyamarar waya, ko da yake kamfanin NIBSS, wanda ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, ya ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi ta lambar QR mai suna NQR tun a watan Maris na 2021.

Da farko mun buga lamba guda a kati, muka rufe ta da leda, muka rataya wa kowane ɗan aike a wuya. Irin wannan lamba ba ta canzawa, domin bayanin wanda za a biya kawai take ɗauke da shi, shi kuma mai saye shi ne zai rubuta adadin kuɗin da hannunsa. Ta raba mu da karanto lambar asusu mai alƙaluma 10 a cikin hayaniyar titi, amma ta bar mu da wani aikin. Idan dare ya yi muka zauna lissafi, sai mu ga kuɗi sun shigo da sunayen da ba mu sani ba, domin sau da yawa miji ne ya biya wa matarsa, ko ɗa ya biya wa mahaifiyarsa, kuma idan oda biyu suka zo da farashi ɗaya, babu abin da zai nuna wacce aka biya.

Daga baya muka koma lambar da manhajar ɗan aike take ƙirƙira wa kowace oda ita kaɗai. A nan ne na fahimci inda amfanin yake. Idan ɗan aike ya buɗe odar a wayarsa ya zaɓi sauya hanyar biya, manhajar tana neman sabuwar lamba wadda ta ƙunshi sunan kamfani, da adadin kuɗin, da shaidar wannan odar. Mai saye zai buɗe manhajar bankinsa, ya ɗora kyamara a kan lambar, ya ga suna da adadi sun fito da kansu, sannan ya sa lambar sirrinsa. Kuɗin suna shiga asusun kamfani kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun ɗan aike ba, kuma idan sun shiga, kamfanin da ke sarrafa mana biyan kuɗi yana aiko da saƙon tabbaci, odar ta sauya daga wadda ake bin kuɗinta zuwa wadda aka biya. A take ake rage wannan adadi daga tsabar kuɗin da ake tsammanin ɗan aike zai kawo ofis.

Wata rana na bi ɗaya daga cikin yaranmu zuwa unguwar Hotoro domin in ga aikin da idona. Odar atamfa ce da takalmi, naira 18,500 har da kuɗin kaiwa. Wata dattijuwa ta fito da naira 10,000 a hannu, ta ce, "Ɗana, abin da ke gidan ke nan, sauran suna banki." Yaron ya rusuna ya ce, "Babu damuwa, Hajiya, ko dai ki biya duka ta waya, ko in karɓi wannan ki cika sauran." Ta zaɓi ta cika. Abin da ya burge ni shi ne bai yi gaggawar nuna mata lamba ba. Ya fara shigar da naira 10,000 a matsayin tsabar kuɗin da ya karɓa, sannan ya nemi lambar naira 8,500. Da ya fito da lambar kafin ya shigar da abin da ya karɓa, da cikakken kuɗin odar za ta nuna, kuma da Hajiya ta biya naira 28,500 a kan kayan 18,500. 'Yarta ta kawo waya, ta ɗora a kan lambar, ta karanta sunan kamfaninmu da ƙarfi kamar yadda yaron ya roƙa, sannan ta biya.

Sai wayar 'yar ta nuna an cire kuɗin, amma wayar yaronmu ta ci gaba da nuna ana jira. Wannan shi ne wuri mafi wuya a aikin baki ɗaya, domin mutum yana tsaye a gabanka da shaida a hannu, kai kuma ba ka ga komai ba. Dokar da muka kafa, bayan an taɓa cutar mu da alat na bogi da hoton rasit da aka gyara, ita ce ɗan aike ba ya dogara da fuskar wayar mai saye, komai girman mutumin. Yana jira odar ta sauya a tasa wayar. Idan ta ɗauki lokaci, zai kira ofis a duba asusu, kuma zai rubuta lambar shaidar cinikin da ke jikin rasit, domin da ita banki yake bin sawun kuɗin. Abu ɗaya da aka hana shi kwata-kwata shi ne ya fito da sabuwar lamba ya ce a sake biya alhali ta farko ba a san makomarta ba, domin ta haka ne ake cire wa mutum kuɗi sau biyu, ya yi kwanaki yana jiran a mayar masa. A ranar, yaron ya matsa bakin ƙofa inda sabis ya fi ƙarfi, bayan kamar minti biyu tabbacin ya iso, ya miƙa kayan.

Na kuma koyi cewa lambar tana da iyakarta. Tana buƙatar babbar waya mai kyamara da data a ɓangaren mai saye, kuma ba kowace manhaja ce take karanta kowace lamba ba. Mai ƙaramar waya sai dai ya yi tiransifa ta lambobin USSD, don haka muka bar lambar asusun kamfani tana fitowa a ƙarƙashin lambar QR, tare da umarnin cewa ba a tura ko kobo ɗaya zuwa asusun ɗan aike. Wayar da fuskarta ta tsage, ko wadda haskenta ya yi ƙasa a tsakar rana, tana hana kyamara kama lambar, shi ya sa ake koya wa sabon yaro ya ƙure hasken waya ya juya wa rana baya. Katin wuya kuwa mun ajiye shi a matsayin madadi saboda ranar da caji ya ƙare, amma muna duba shi kowace safiya don kada a liƙa wata lambar a kansa, kuma duk wanda aka biya ta katin dole ne ya rubuta lambar oda da sunan wanda ya tura kuɗin kafin ya tayar da babur.