Mata a ikkilisiyar farko: inda maki yake a amsarku

Ƙannena masu shirin jarrabawar ilimin addinin Kirista, ga wata tambaya da ake yawan juya ta, da yadda zan raba makinta in takardunku sun zo hannuna:

(a) Bayyana ayyuka huɗu da mata suka yi a ikkilisiyar farko, tare da misali. Maki 12.
(b) Tattauna iyakokin da aka sa wa mata a taron masu bi. Maki 8.

Wannan rabon nawa ne, kowace hukumar jarrabawa da nata. Amma abin da mai duba takarda yake nema kusan ɗaya ne ko'ina, kuma kurakuran da zan lissafa na san su tun ina ɗalibi, domin ta nan nawa makin ya zube.

A sashe na (a), kowane aiki maki uku ne. Ɗaya na faɗin aikin, ɗaya na sunan matar da garinta, ɗaya na abin da ta yi da amfanin da ikkilisiya ta samu. Wanda ya rubuta cewa mata sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa bishara, ya tsaya nan, ko maki ɗaya da kyar zai samu, don bai nuna ya buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Wanda kuma ya jero sunaye goma ba bayani, ya tara makin suna kawai.

Mu ɗauki Biriskila, wadda wasu juyin Hausa suka rubuta Bilkisu. Amsa mai cin maki uku za ta tafi kamar haka: "Mata sun koyar. A Afisa, Biriskila da mijinta Akila sun ji Afolos yana wa'azi a majami'a. Mutum ne mai iya magana, masanin Nassi, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Sai suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, daga nan ya haye Akaya ya zama babban taimako ga masu bi (Ayyukan Manzanni 18:24-28)." Jimla huɗu, ta ƙare. Ga aiki, ga suna da gari, ga sakamako.

Inda ɗalibi yake ɓata lokaci shi ne son ya ba da tarihinta duka: yadda sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma wajen shekara ta 49, yadda suka sauka Koranti, yadda Bulus ya zauna a gidansu suna ɗinkin tanti tare. Duk gaskiya ne, amma ba a tambaye ku ba, kuma maki uku ba ya zama biyar don shafi ya cika. In kuna son ƙarin da zai nuna kun yi karatu, ga gajere: sau shida aka ambaci ma'auratan nan a Sabon Alkawari, a huɗu daga ciki sunanta ne a gaba. Ku faɗe shi a jimla ɗaya ku wuce, kada ku gina masa hujjar da ta fi ƙarfinsa.

Sauran ukun ku bi da su haka. Ba da gida don taro: Lidiya, mutuniyar Tayatira mai sayar da tufafin shunayya, ta karɓi baftisma a Filibi ita da mutanen gidanta, kuma a gidanta Bulus da Sila suka sadu da 'yan'uwa bayan fitowarsu daga kurkuku. Nan ku ƙara dalilin da ya sa wannan aiki ne babba, wato a lokacin ba ginin coci, gidan mutum shi ne wurin sujada. Aikin jinƙai: Tabita, ko Dokas, ta Yafa, mai ɗinka wa gwauraye riguna, wadda tashinta daga matattu ta hannun Bitrus ya sa mutane da yawa a garin suka ba da gaskiya. Hidima a ikkilisiya: Fibi ta Kankiriya, wadda Bulus ya gabatar wa Romawa a farkon sura ta 16, ya kira ta mai hidimar ikkilisiya, mai taimakon mutane da yawa har da shi kansa. Wanda ya fi son annabci ya kawo 'ya'yan Filibus mata huɗu na Kaisariya.

Ku kula da Lidiya da Dokas. Tufafi ya haɗa su, shi ya sa ake cakuɗa su. Lidiya sayarwa take yi, Dokas ɗinki take yi ta bayar. In kun sa Dokas a Filibi, makin suna da gari ya tafi, kuma mai dubawa zai fara shakkar sauran amsar.

Kuskuren da ya fi tsada kuwa shi ne fita daga zamanin da aka tambaya. Ikkilisiyar farko tana farawa ne daga ranar Fentikos. Debora da Esta da Rut na Tsohon Alkawari ne, duk kyan bayaninku a kansu sifili ne. Maryamu Magadaliya a bakin kabari tana iya shiga gabatarwa a jimla guda, amma ba za ta tsaya a matsayin ɗaya daga cikin huɗun ba. Haka zumuntar mata ta cocinku, sai in tambaya ta ce a kwatanta da yau.

Sashe na (b) ya fi wuya, don a nan ne ɗalibi yake mantawa yana ɗakin jarrabawa ya hau wa'azi. Wani ya kare Bulus da zafi, wani ya yi masa faɗa. Kalmar "tattauna" tana neman ɓangarori biyu ne kafin ra'ayi. Maki biyu na 1 Korantiyawa 14:34-35, inda aka ce mata su yi shiru a taro, in suna da tambaya su yi wa mazansu a gida. Biyu na 1 Timoti 2:11-12, inda aka hana mace koyarwa ko iko a kan namiji. Biyu na ɗaya ɓangaren: a wannan wasiƙa ta Korantiyawa, 11:5, an yi maganar mace tana addu'a ko annabci, sharaɗin dai ta rufe kanta. Ke nan muryar mace ana jin ta a taro.

Biyun ƙarshe na yadda kuka haɗa waɗannan ne. Masana ba su daidaita ba. Wasu sun ce umarnin shiru ya shafi wata hayaniya ce ta Koranti, tunda sura ta 14 duka a kan tsari a sujada take. Wasu sun ɗauke shi doka ce ga kowace ikkilisiya. Wasu kuma suna ganin an sa ayoyi 34-35 daga baya, domin a wasu tsofaffin kwafe suna zuwa ne bayan aya ta 40. Ku ambaci biyu daga cikin waɗannan, ku faɗi wanda kuka fi gamsuwa da shi da dalili ɗaya. Mai duba takarda na kirki ba ya rage maki don ra'ayinku ya saɓa wa na ɗariƙarsa, yana ragewa ne in ba dalili.

Masu karatu a makarantar tauhidi su riƙe shaida ɗaya daga wajen Nassi. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa sarki Tirajan cewa ya azabtar da bayi mata biyu waɗanda Kirista suke kira masu hidima, don ya san abin da ake yi a taronsu. Ƙarfin wannan shaida shi ne ta fito daga bakin wanda ba mai bi ba.

In an ba ku minti 40, ku kashe biyar kuna jera aiki, suna da gari a gefen takarda, 20 a kan (a), 12 a kan (b), sauran ku duba sunaye. Lambar ayar da kuke shakka kada ku ƙago ta, ku rubuta sunan littafi da sura kawai.